Yadda na amsa takardar harajin kuɗin haya, da rasit ɗin da na zaɓa na gabatar

A watan Disamba na 2022 na haɗa kuɗin sallamata daga aikin koyarwa da abin da na samu daga wata gona da na sayar, na sayi wani tsohon gida mai sassa shida, kowane sashe ciki da falo da banɗaki da ɗan kicin. Na same shi da ’yan haya a ciki, muka yi sabuwar yarjejeniya cewa kowa zai riƙa biyan naira 600,000 a shekara, a kuma sabunta kowace Janairu. Shekara ɗaya da rabi ina karɓar haya ban taɓa kawo batun haraji a raina ba, domin duk tsawon aikina daga albashi ake cirewa, ban taɓa cike fom da hannuna ba. Ran nan, a watan Agusta na 2024, maigadin gidan ya kawo mini ambulan da aka bar masa kwana huɗu da suka wuce. Takarda ce daga ofishin haraji na jiharmu, tana cewa tun da ban kai bayanin kuɗin shigata na 2023 ba, sun yi ƙiyasi da kansu: sassa shida a kan naira 800,000 kowanne, jimla 4,800,000, haraji kuma naira 665,600. A ƙasa an rubuta cewa ina da kwana 30 in biya ko in rubuta ƙorafi.

Abin da na fara yi kuskure ne, wato na ɗauki takardar na tafi ofishin washegari hannu rabbana, da niyyar in yi musu bayani da baki. Na isa wajen ƙarfe tara, na rubuta sunana a littafin baƙi, na zauna a kan benci har kusan azahar kafin a shigar da ni wurin jami'in da ke riƙe da fayil ɗin unguwarmu. Ya saurare ni da ladabi ina rantse-rantse cewa ban taɓa karɓar dubu ɗari takwas daga hannun kowa ba, da na gama ya ce: "Baba, ban ƙaryata ka ba, amma ba zan iya saka rantsuwa a cikin fayil ba." Ya bayyana mini cewa doka ta ba su damar yin ƙiyasi idan mutum bai kai bayaninsa ba zuwa 31 ga Maris, kuma ƙiyasin yana zama tabbatacce idan kwana 30 suka cika ba a yi ƙorafi a rubuce ba, tare da faɗin dalilai. Zuwan da na yi da maganar da muka yi ba su tsayar da lissafin kwanakin ba. Na fito jikina a sanyaye, domin na gane cewa kwana biyar sun riga sun tafi.

A daren na rubuta takardar ƙorafi shafi ɗaya, na kawo dalilai uku: kuɗin hayar da aka ƙiyasta ya fi na gaskiya, sashe ɗaya ya zauna babu kowa wata huɗu, kuma ba a cire ko kwabo daga abin da na kashe wa gidan ba. Na ƙara da cewa zan kawo cikakken lissafi da hujjoji cikin mako uku. Da safe na buga kwafi biyu, na miƙa ɗaya a wurin karɓar wasiƙu, na tsaya har aka buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata aka ba ni. A ranar ce kuma aka buɗe mini lambar mai biyan haraji, wadda suke kira TIN, da lambar katin ɗan ƙasa da hoto, aka ba ni fom ɗin bayanin kuɗin shiga mai suna Form A. Waccan takarda mai hatimi ita ce ta ba ni natsuwar zama in yi aikin a tsanake.

Ɓangaren kuɗin shiga bai ba ni wahala ba, domin duk ’yan hayar ta banki suke biya. Na je banki na nemi bayanin asusuna na Janairu zuwa Disamba 2023 mai hatimi, na ja layi a ƙarƙashin kowane kuɗin haya, na haɗa shi da takardar yarjejeniyar mai shi. Sassa huɗu sun biya cikakke, naira 2,400,000. Na biyar wani ƙaramin kamfani ne ya kama wa ma'aikacinsa, kuma 540,000 suka turo, suka riƙe 60,000. Na shida mai shi ya biya wata huɗu aka yi masa canjin wurin aiki a ƙarshen Afrilu, sabon ya shigo a Satumba ya biya wata huɗu domin ya daidaita da sauran, jimla 400,000. Ni a lissafina na rubuta 540,000 wa kamfanin, sai wani tsohon ɗalibina da ya zama akanta, wanda na nemi ya duba mini aikin a kan ladan naira 40,000, ya gyara mini. Ya ce 600,000 zan rubuta, domin kashi 10 da suka riƙe harajina ne da doka ta ɗora musu su cire su kai wa hukuma da sunana, kuma za a rage mini shi daga abin da zan biya a ƙarshe idan na kawo shaidar sun kai. Jimlar hayar shekarar ta tsaya a naira 3,400,000.

Inda aikin yake shi ne ɓangaren kashewa. Ina da wata tsohuwar jakar leda da nake cusa duk takardar da ta shafi gidan, na zazzage ta a kan tabarma, na haɗa lissafi ya kai naira 2,340,000, har na fara murna cewa harajin zai koma ɗan kaɗan. Akantan ya zauna ya ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan kowace tambaya uku yake yi mini: saboda gidan hayan kaɗai aka kashe kuɗin, gyara aka yi ko ƙari, kuma mene ne zai nuna wa wanda bai san ni ba cewa kuɗin ya fita. Ya ce dokar harajin kuɗin shiga ta mutane, ta 1993 da aka yi wa gyara a 2011, tana yarda a cire abin da aka kashe kacokan kuma bisa larura domin samar da kuɗin shigar, tana kuma hana a cire hidimar gidan mutum da kuɗin da aka zuba domin ƙara wa kadara daraja.

Rijiyar burtsatse ita ce ta fara faɗuwa, kuma ita ta fi yi mini zafi, domin naira 950,000 na kashe mata a watan Maris. Na yi gardama cewa ba don ita ba da ’yan hayar sun watse, domin ruwan famfo ba ya zuwa. Ya ce: "Malam, larura ce, amma lokacin da ka sayi gidan akwai rijiya?" Na ce babu. Ya ce to abin da babu aka samar ba gyara ba ne, jari ne, zai yi shekaru yana amfani, don haka ba a ɗora shi dungurungum a kan hayar shekara ɗaya. Ya faɗa mini cewa akwai wata hanya daban da ake neman rangwame a kan irin wannan jarin a rarrabe cikin shekaru, amma tana buƙatar takardar kamfanin da ya yi haƙar mai nuna aikin da farashinsa dalla-dalla, ni kuwa abin da ke hannuna rabin takardar littafin makaranta ce da mai haƙar ya rubuta "an biya" ya sa hannu. Na ajiye ta gefe. Tayil ɗin da na shimfiɗa a sashen da aka tashi, na naira 320,000, shi ma ya bi ta, domin daɓen siminti ne a wurin tun asali kuma lafiyarsa ƙalau, na sa tayil ne don in jawo mai haya da wuri. Da tayil ne ya farfashe na maye gurbinsa da irinsa, da ya shiga. Fentin da aka yi wa wannan sashen kuwa, na naira 95,000, ya shiga ba tare da jayayya ba, domin mayar da bango aka yi yadda yake kafin a ɓata shi, kuma ina da rasit ɗin shagon fenti da shaidar tura kuɗi ga mai fentin.

Rufin gidan ya zo da wata matsala da ban hango ba. Iskar farkon damina ta yaye wani ɓangare na kwanon a watan Mayu, na sayi kwano da katako da ƙusa na naira 120,000, na biya kafinta 60,000. Akantan ya ce jami'i mai lura zai iya tambaya ko tun da ruɓaɓɓen rufi na sayi gidan, wanda hakan zai sa gyaran ya yi kama da cikon kuɗin saye, tun da wata biyar kacal ke tsakani. Abin da ya cece ni shi ne hotuna uku da ɗaya daga cikin ’yan hayar ta turo mini a waya da asubahin ranar da abin ya faru, kwanon a naɗe a kan katangar maƙwabci, da kwanan wata a jiki. Na buga su a takarda na manna a bayan rasit ɗin. Shi kansa rasit ɗin sai da na kai shi kusa da taga kafin in karanta, domin irin na inji ne mai siririyar takarda da rubutunsa ke gogewa, rabin lambobin sun koɗe. Na koma shagon, mai shagon ya buɗe littafinsa na Mayu 2023 ya samu cinikin, ya rubuta mini wani da hannu a takardar shagonsa, ya sa kwanan watan asali ya kuma rubuta cewa kwafi ne. Na haɗa biyun tare, tsohon da sabon, don kada a ce na ƙirƙira.

Rasit ɗin siminti shi ne wanda na daɗe ina juyawa a hannu. Buhu 20 ne a kan naira 5,000 kowanne, 100,000 cif, da sunana da hatimin shago, babu abin da zai sa wani ya yi shakka. Amma ni na san buhu takwas ne aka kai gidan hayan domin ɗaga katangar baya da ruwa ya kwantar a Agusta, sauran sha biyun gidana aka kai aka yi daɓen tsakar gida. Zuciya ta ce in miƙa shi yadda yake. Akantan bai yi mini wa'azi ba, ya dai tambaye ni tsawon katangar da ta faɗi, na ce ba ta fi taku goma ba, ya ce duk wanda ya taɓa gini ya san ba ta cin buhu ashirin, kuma idan jami'i ya kama rasit ɗaya da ƙari, sauran ma da wannan idon zai kalle su. Na rubuta a jikin kwafin da biro cewa buhu 8 kaɗai ake nema, naira 40,000, na haɗa da 30,000 na birkila wanda na biya ta banki.

Albashin maigadi naira 25,000 ne a wata, 300,000 a shekara. Daga Afrilu zuwa Disamba ta asusunsa nake tura masa, don haka wata tara suna cikin bayanin banki da sunansa. Na Janairu zuwa Maris kuwa a hannu na ba shi, tun kafin ya buɗe asusu, babu rubutu babu sa hannu. Na yi tunanin in sa shi ya dangwala mini yatsa a takarda yanzu, amma takardar da aka rubuta bayan shekara ɗaya da rabi, bayan kuma an aiko da sanarwa, ba ta da ƙarfi, kuma ribar da zan samu a kan 75,000 ba ta kai naira dubu sha uku ba. Na bar su, na nemi 225,000. Haka na yi da rasit ɗin man mota na kusan 90,000 da na tara, domin motar ita ce ta zuwa gidan hayan, ita ce ta kasuwa da ɗaurin aure, kuma ban da littafin da ke raba tafiyoyin. Sauran ba su da wata rikitarwa: ladan dillalin da ke karɓar haya da kula da gidan, kashi 5, naira 170,000, da takardar yarjejeniyarmu, kwashe masai sau biyu, 70,000, da rasit ɗin masu mota, da kuɗin ƙasa na shekara, 35,000, da rasit ɗin gwamnati. Daga 2,340,000 abin da ya rage mai hujja ya zama 845,000.

Na jera su a takarda ɗaya, kowane layi da kwanan wata da aikin da aka yi da sashen da ya shafa da kuɗin da lambar hujjarsa, na rubuta wannan lambar da jan biro a kan kowane kwafi. Na miƙa kwafi kawai, na riƙe na asali a jakata. An sa mini ranar zama bayan kwana goma, na je aka ce jami'in ya fita aikin zagaye, na koma bayan kwana biyu na same shi. Zaman bai kai awa ɗaya ba. Ya fara da bayanin banki yana gwada shi da yarjejeniyoyin, ya nemi ganin na asali na rasit huɗu, ya tsaya a kan hotunan rufin ya yi murmushi, sannan ya zo kan simintin ya karanta abin da na rubuta da biro, ya ɗago ya dube ni, ya wuce ba tare da ya ce komai ba. Daga nan bai ƙara neman na asali ba. Tambaya ɗaya ya yi da ta sa gabana ya faɗi, wato ina hayar shekarun baya, domin suna iya komawa baya har shekara shida. Na ciro takardar cinikin gidan mai kwanan watan Disamba 2022, ya ɗauki kwafi ya saka a fayil. Ya kuma tambaya ko ina da wata hanyar samu, na ce fansho, ya ce wannan ba ya cikin lissafin.

Ga yadda lissafin ya fita a gabana. An cire 845,000 daga 3,400,000, ya rage 2,555,000. Daga nan aka cire rangwamen da dokar wancan lokacin ta ba kowane mutum, naira 200,000 da ƙarin kashi 20 na 2,555,000 ɗin, jimla 711,000, abin da za a yi wa haraji ya zama 1,844,000. Harajin hawa-hawa ne: kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biye, kashi 15 a kan 500,000, kashi 19 a kan wani 500,000, waɗanda suka haɗu suka ba da 224,000, sai kashi 21 a kan ragowar 244,000, wato 51,240. Jimla naira 275,240, maimakon 665,600 da ke cikin takardar farko. Wanda zai yi irin wannan lissafin yau ya sani cewa sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta soke wancan rangwamen ta kuma canza matakan, inda naira 800,000 na farko ba su da haraji, don haka adadin da na kawo na shekarar 2023 ne.

Dubu sittin ɗin kamfanin ita ta ja ni mako biyu. Jami'in ya ce wasiƙar da kamfanin ya ba ni mai cewa sun cire ba ta isa ba, sai shaidar cewa kuɗin ya shiga asusun hukumar da sunana. Da na je wurinsu aka gano sun kai kuɗin, amma a dunƙule da na wasu, ba tare da lambata ba, tun da a lokacin ban da ita kuma ba su tambaye ni ba. Sai da akawunsu ya rubuta wasiƙa ya haɗa da jadawalin biyan da rasit ɗinsu, na kai da kaina, aka duba aka tabbatar. Bayan an rage ta, saura 215,240, aka ɗora tarar jinkiri ta kashi 10, naira 21,524. Sabuwar takardar ƙiyasi ta fito a tsakiyar Oktoba, na biya 236,764 a banki da lambar biya da ke jikinta, ban ba kowa kuɗi a hannu ba, na koma da shaidar aka ba ni rasit ɗin hukuma.

Da na zauna na duba abin daga baya, na ga cewa yawancin ragin da na samu daga gyara adadin hayar ya zo, wanda bayanin banki kaɗai ya wadatar a kansa, kuma duk naira ɗari da na kafa wa hujja a ɓangaren kashewa abin da ta rage mini a haraji bai kai naira ashirin ba. Wannan ya sa ban ga hikimar jefa dukkan fayil cikin shakka saboda rasit ɗaya mai rauni ba. Na kuma lura cewa hujjar da ta fi tsayawa ita ce wadda abu biyu suka haɗu a kanta, rasit daga wanda ya yi aikin da fitar kuɗin daga banki a rana ɗaya ko kusa, kuma inda za a iya musun gyara ne ko ƙari, hoton yadda wurin yake kafin a taɓa shi ya fi dogon bayani. Asarar da ta fi girma ita ce ta rijiyar, kuma ba doka ce ta jawo ta ba, ni ne na karɓi rabin takarda a kan aikin kusan miliyan ɗaya.

Yanzu gidan yana da asusun banki nasa shi kaɗai, haya can take shiga, gyara daga can yake fita. Idan na sayi kaya na gidana da na gidan haya a shago ɗaya, rasit biyu nake sa a rubuta, kuma duk rasit na inji ina ɗaukar hotonsa kafin in bar bakin shagon. Maigadi yana sa hannu a littafi kowane wata ko da ta banki na biya shi, kamfanin kuma na ba su lambata tun ranar da suka sabunta haya. Bayanin 2024 na kai shi a makon farko na Maris 2025, shafi ɗaya da hujjoji goma sha huɗu, na fito daga ofishin kafin ƙarfe goma sha ɗaya.